Wace Rana, Ƙarfe Nawa? Tabbatar da Ganawa da Faransanci

 Shirin na yau na ɗan kasuwar Kano ne da ke hulɗa da Maraɗi ko Kwatano, da ɗalibar da ke jiran ganawa da malaminta a Yamai, da ma'aikacin da takardunsa ke zuwa daga Yawunde ko Abijan. Duk waɗannan wurare da Faransanci ake rubuta wasiƙun ofis. Ko a Nijar, inda aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, Faransanci na nan cikin harsunan aiki, kuma da shi mafi yawan saƙonnin ganawa ke fita. Mai biro da takarda a kusa ya jawo su, domin akwai jimlolin da za a so a rubuta.

A ɗauka, alal misali, wani mai sayar da riɗi ne a Kano, ya yi magana ta waya da daraktan wani kamfani a Yamai, suka tsayar za su zauna ranar Talata, 6 ga Oktoba, 2026, da ƙarfe uku na rana. A al'adar ofisoshin masu Faransanci, maganar waya ba ta gama aiki. Ana sa ran ɗaya daga cikinsu ya bi ta da rubutu, ta imel ko ta saƙon waya, kuma wanda ya nemi ganawar shi ya fi cancanta ya rubuta. Zuciyar saƙon jimla ɗaya ce:

« Je vous confirme notre rendez-vous du mardi 6 octobre 2026 à 15 h, dans vos bureaux à Niamey. »

Wato yana tabbatar masa da ganawarsu ta ranar Talata 6 ga Oktoba 2026, ƙarfe uku na rana, a ofishinsu da ke Yamai. Abin lura shi ne jimlar ta tsaya da ƙafafunta. Ko sakatariyar da ba ta ji hirar wayar ba ce ta buɗe saƙon, za ta iya shigar da shi kalandar maigidanta ba tare da ta tambayi kowa ba, domin ga sunan rana, ga kwanan wata, ga shekara, ga sa'a, ga wuri. Wanda ya rubuta cewa yana tabbatar da ganawar « comme convenu », wato kamar yadda aka shirya, ya yi shiru daga nan, bai tabbatar da komai ba. In ɗayansu ya ji ba daidai ba a waya, kuskuren na nan kwance har ranar ganawar.

A sama, a gurbin da aka rubuta « Objet », sai a maimaita a taƙaice: « Confirmation du rendez-vous du 6 octobre à 15 h ». A buɗe da « Monsieur le Directeur » ko « Madame la Directrice », a rufe da « Cordialement ». Kuma « vous » ake amfani da shi daga farko har ƙarshe, kamar yadda Bahaushe ke ce wa babba ku. « Tu » na aboki ne da yaro, kuma ba a fara shi da wanda ba a saba da shi ba sai shi ya ba da dama.

Yanzu ga kwanan watan. Faransanci na jera rana, sannan wata, sannan shekara, babu waƙafi a tsakaninsu. Sunayen ranaku da na watanni da ƙaramin baƙi ake fara su: lundi, mardi, mercredi, jeudi, vendredi, samedi, dimanche, daga Litinin ke nan zuwa Lahadi. Lambar ranar kuwa tsurarta ake rubutawa, 2 ko 6 ko 31, in ban da ranar farko ta wata, wadda ake rubuta ta « 1er », a karanta « premier ». Don haka ranar samun 'yancin Najeriya ta shekarar 2026 za ta fito « jeudi 1er octobre 2026 », washegarinta kuma « vendredi 2 octobre ».

Masu gaggawa sukan rubuta lamba zalla: 06/10/2026. Ga Bafaranshe, da ɗan Nijar, da ɗan Najeriya, wannan 6 ga Oktoba ne, babu gardama. Matsalar tana zuwa daga kwamfuta ko wayar da aka saita bisa tsarin Amurka, inda wata ke riga rana. A can, waɗannan lambobin na nufin 10 ga Yuni. Haɗarin ya tsaya ne a ranaku goma sha biyu na farkon kowane wata, domin babu wata na 13 da zai sa a rikita 13/10. A nan sunan rana ke nuna amfaninsa. 6 ga Oktoba 2026 Talata ce, 10 ga Yuni 2026 kuwa Laraba ce. Duk wanda ya ga « mardi » a saƙo amma kalandarsa ta nuna masa Laraba, ya san akwai abin da ya karkace, sai ya ɗaga waya tun da sauran lokaci. Shi ya sa ya fi kyau a rubuta watan da baƙaƙe, a haɗa da sunan ranar, ko da saƙon zai ƙara tsawo da kalma biyu. Kuma a rubuta su cikakku, domin « mar. » na iya zama mardi, na iya zama mars, watan Maris, haka juin da juillet, Yuni da Yuli, ba sa rabuwa sai a baƙi na huɗu.

Akwai ƙaramar kalma da ke canza ma'ana ɗungurungum. In mutum ya rubuta « Je suis disponible mardi », yana nufin yana da sarari Talatar nan mai zuwa. In ya ce « Je suis disponible le mardi », bai sa lamba ba, to kowace Talata yake nufi. Da zarar lamba ta biyo baya, « le mardi 6 octobre », an koma rana guda tak.

Shi kuwa « mardi prochain », Talata mai zuwa, su kansu Faransawa suna jayayya a kansa: in an faɗe shi ranar Lahadi, wani zai ɗauka jibi ne, wani zai ɗauka ta makon gaba ce. Haka « dans huit jours », wanda a zahiri kwana takwas ne, amma a bakin mai harshen mako ɗaya ne, abin da Bahaushe zai ce rana ita yau. « Dans quinze jours » kuma mako biyu ne, kwana 14. Waɗannan na hira ne. A saƙon tabbatarwa, lamba ce ke raba gardama.

Sai sa'a, inda aka fi yin tuntuɓe. A rubutun ofis na Faransanci ana ƙidaya sa'o'i 24 a jere, daga tsakar dare zuwa tsakar dare. Safiya ba ta da wahala, ƙarfe tara na safe « 9 h » ne. Daga ƙarfe ɗaya na rana sai a ƙara 12: ɗaya ta zama 13 h, uku ta zama 15 h, takwas na dare ta zama 20 h. Mai karantawa kuma ya cire 12 daga duk lambar da ta haura 12. Baƙin h ɗin taƙaitawar « heure » ne, ƙarami ake rubuta shi, babu ɗigo a bayansa. Ƙa'idar masu buga littattafai ita ce a bar tazara, « 14 h 30 », amma a imel da saƙon waya an fi ganin « 14h30 » a manne, kuma kowa na ganewa. A allon tashar jirgi da fuskar waya ana ganin 14:30. Duk ɗaya ne, ƙarfe biyu da rabi na rana.

Mai riɗin nan na Kano, da ya rubuta « à 3 h », da a ƙa'ida ya gayyaci darakta ƙarfe uku na dare. Daraktan zai gane abin da ake nufi, ba shakka, ya yi murmushi. Amma « 7 h » da « 8 h » ba su da wannan sauƙin, domin ana iya ganawa ƙarfe takwas na safe a ofis, ana iya ganawa ƙarfe takwas na dare a otal. Mai Faransanci in ya ga « 8 h » safe zai ɗauka, ba zai ma tambaya ba.

A baki kuwa tsari biyu ne, kuma ba a gauraya su. Mai magana zai iya cewa « trois heures et demie de l'après-midi », uku da rabi na rana, ko ya ce « quinze heures trente ». « Et quart », da kwata, da « et demie », da rabi, da « moins le quart », saura kwata, duk na ƙidayar sha biyu ne. A ƙidayar 24 mintunan ake faɗa da lamba, don haka huɗu saura kwata « quinze heures quarante-cinq » ce, a rubuce 15 h 45.

Dalilin da ya sa maganar waya ke buƙatar rubutu a bayanta yana cikin furucin lambobin. « Deux heures » da « douze heures », ƙarfe biyu da ƙarfe sha biyu, wasali ɗaya ne kawai ya raba su, kuma wasalin « deux » babu irinsa a Hausa. « Six heures » da « seize heures » su ma haka, ɗaya na farawa da si, ɗayan da se, alhali tazarar sa'a goma ce tsakanin shida na safe da huɗu na yamma. Ga kuma « trois heures » da « treize heures ». A layin da ke yankewa, ga ƙarar babura a bayan mai magana, kunnen da bai saba ba zai ɗauki wannan a madadin wancan. Masu harshen na da dabarar kauce wa na farkon: sukan ce « midi » maimakon « douze heures », su ce « quatorze heures » in biyu na rana suke nufi. Wanda ya yi shakka ya maimaita abin da ya ji da ɗaya tsarin: « Seize heures, donc quatre heures de l'après-midi ? » Ba abin kunya ba ne, sakatarori na yin haka kullum.

Kalmar da ke gaban sa'ar ma tana da nauyi. « À 15 h » ƙarfe uku daidai. « Vers 15 h » wajen ƙarfe uku. « À partir de 15 h » daga ƙarfe uku zuwa sama. « De 15 h à 16 h » daga uku zuwa huɗu, kuma wannan ya fi taimakon mai cunkoson aiki, domin ya san lokacin da zai tashi. Bahaushe ya saba da cewa bayan La'asar, kuma tsakanin mutanen gari ɗaya hakan na wadatarwa. Amma Yamai na yamma da Kano sosai, agogonsu ɗaya, ranar kuwa tana makara a Yamai da kusan minti 25, don haka La'asar ɗin ma ba tare take ba. Mai son ganawa bayan salla ya duba lokacinta a garin da za a zauna, ya ƙara abin da zai ishe shi, ya rubuta lamba.

To, a ce kwana biyar kafin ganawar, wata larura ta taso wa mai riɗi, Talatar ba za ta yiwu ba. Nan ne ake gane wanda ya iya wasiƙa. Wanda bai iya ba zai rubuta cewa ba zai samu zuwa ba, ya tambaya yaushe darakta ke da sarari. Da ganin ladabi ne, amma ya jibga wa mutumin aikin da ba shi ya jawo ba, kuma saƙo zai yi ta kai da kawowa. Wanda ya iya zai ba da haƙuri a gajarce, ya kawo zaɓi da kansa. Kalmar da ake buƙata ita ce « créneau », gurbin lokaci, jam'inta « créneaux ». Ga yadda saƙon zai fito:

« Monsieur le Directeur,
En raison d'un empêchement, je ne pourrai malheureusement pas être présent le mardi 6 octobre à 15 h. Je vous prie de m'en excuser. Je vous propose l'un des créneaux suivants :
mercredi 7 octobre, de 10 h à 11 h ;
jeudi 8 octobre, de 16 h 30 à 17 h 30 ;
lundi 12 octobre, de 9 h à 10 h.
Pourriez-vous m'indiquer, d'ici le vendredi 2 octobre à midi, celui qui vous convient ? Si aucun ne vous convient, je m'adapterai à vos disponibilités.
Cordialement, »

Da Hausa, ya ce saboda wani uzuri ba zai samu halarta ranar Talata 6 ga Oktoba ƙarfe uku ba, yana neman afuwa, yana kuma gabatar da Laraba 7 ga wata daga goma zuwa sha ɗaya na safe, ko Alhamis 8 ga wata daga huɗu da rabi zuwa biyar da rabi na yamma, ko Litinin 12 ga wata daga tara zuwa goma na safe. Ya roƙi a sanar da shi wanda ya dace kafin tsakar ranar Juma'a 2 ga wata, in kuma babu wanda ya yi, zai bi lokacin darakta. In mace ce ke rubutun, « présente » za ta sa, da e a ƙarshe.

A dubi yadda aka zaɓi lokutan. Ba a tara su a rana ɗaya ba, domin in darakta ya yi tafiya ranar, duka sun faɗi tare. Akwai safiya, akwai yamma, akwai kuma ɗaya a mako na gaba. An tsallake Juma'a da gangan, saboda masallaci na raba ranar biyu. Uku sun isa: ɗaya tilo kamar umarni ne, bakwai kuwa mai karatu zai ajiye sai ya samu natsuwa, ya manta. An kuma sake faɗin tsohon lokacin cikakke, don sakatariya ta san wanne za ta goge. « Empêchement » ta wadatar a matsayin dalili, ba a buƙatar labarin motar da ta lalace ko bikin da ya taso. Wa'adin amsa shi ma yana da dalili, tunda mai tahowa daga Kano sai ya shirya tafiya, kuma ba zai riƙe ranaku uku a buɗe har abada ba.

Kalmomin sauya lokaci suna da tarko ga mai tunani da Hausa. « Reporter » ɗagewa ne zuwa wani lokaci na gaba: « reporter au jeudi 8 octobre ». « Avancer » kuwa, duk da tana kama da matsawa gaba, jawo ganawar kusa take nufi, a yi ta kafin lokacin da aka sa. In darakta ya rubuta « Pouvons-nous avancer le rendez-vous à 11 h ? », so yake a zauna ƙarfe sha ɗaya na safe maimakon uku. « Décaler » gusarwa ce ko ta wane ɓangare, sai an karanta sa'ar da ta biyo ta. « Annuler » sokewa ce gaba ɗaya, kada mai son ɗagewa ya yi kuskuren amfani da ita.

Wani tarkon yana cikin « merci ». In saƙo ya ƙare da « Merci de confirmer », ba godiya ake yi ba, roƙo ne: a taimaka a tabbatar. Godiyar abin da aka riga aka yi ita ce « Merci d'avoir confirmé ». Mai koyo kan ga merci ya ɗauka magana ta ƙare, alhali can ana zaune ana jiran amsarsa. Haka in amsar da ta dawo « Bien reçu » ce kawai, ma'anarta saƙo ya iso, ba a ce an yarda da wani lokaci ba. Amsar da ake nema ita ce irin wannan: « Le créneau du jeudi 8 octobre à 16 h 30 me convient. » Mai riɗi sai ya rufe da layi ɗaya: « C'est noté pour le jeudi 8 octobre à 16 h 30, dans vos bureaux. » Ko amsar ta zo da « le deuxième créneau », gurbi na biyu, ya maimaita ranar da sa'ar da kansa.

Saura batun agogon ƙasashe, ga masu ganawa ta waya ko ta bidiyo. Najeriya, Nijar, Benin, Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya, sa'a ɗaya gaba da GMT, kuma ba sa canza shi duk shekara. Togo, Ghana, Burkina Faso, Mali, Senegal da Kodebuwa suna kan GMT, wato suna bayan Kano da sa'a ɗaya. Faransa ce ke sauyawa: daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba tana gaba da Yamai da sa'a ɗaya, sauran watannin kuma agogonsu ɗaya. A 2026, ranakun sauyin su ne 29 ga Maris da 25 ga Oktoba. Saboda haka in abokin hulɗar kamfanin da ke Paris zai shiga ganawar Alhamis 8 ga Oktoba ta bidiyo, wani kuma daga Lome, sai a rubuta: « à 16 h 30, heure de Niamey (17 h 30 à Paris, 15 h 30 à Lomé) ». Da a watan Nuwamba ne, da Paris da Yamai duk 16 h 30 za su gani. A wasu takardun ana rubuta TU, taƙaitawar « temps universel », maimakon GMT, masu sauraron tashoshin rediyo na Faransanci sun san shi.

Tsakar dare na da nata rikicin, musamman ga mai zuwa tarbar baƙo a filin jirgi. « Mardi 6 octobre à 0 h 30 » na nufin rabin sa'a bayan tsakar daren da Litinin ta wuce, Talata ta shigo. Wannan ya yi daidai da lissafin Bahaushe, wanda ke kiran daren da ya gabaci rana da sunanta, daren Talata. Amma « mardi soir » yammacin Talata ne bayan rana ta faɗi, abin da Bahaushe zai kira daren Laraba. Don kauce wa wannan, masu Faransanci kan ambaci ranakun biyu: « dans la nuit du lundi 5 au mardi 6 octobre ».

Masu saurare, duk wanda ke da ganawa a gabansa da wani ofishi mai aiki da Faransanci, ya buɗe saƙon da ya aika ko wanda aka aiko masa, ya ɗora sunan ranar a kan kalanda ya ga ko ya dace da lambar, ya duba ko sa'ar ta ƙidayar 24 ce. In akwai wanda babu, ya aika layi ɗaya yau da ke farawa da « Je vous confirme ».